Takardar Tura Maras Lafiya Zuwa Likitan Ƙirji

Ƙaramin asibitin gari, Wudil, Jihar Kano
12 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Likitan Ƙirji,
Asibitin Koyarwa na Aminu Kano

Ranka ya daɗe,

Game da Malam Garba, namiji, ɗan shekara 46

Bayan gaisuwa, na turo maka wannan bawan Allah saboda tari na mako goma da rama. Ina zargin tarin fuka, amma gwajin majina bai nuna ba.

Tarin ya fara a bushe, daga baya ya koma mai kaki, sau uku yana ganin zirin jini a ciki. Yana zazzaɓin yamma da gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, abinci kuma ba ya shiga. A katinmu na Janairu nauyinsa kilo 63, yau 54. Bai taɓa shan maganin tarin fuka ba, ba ya shan taba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sana'arsa: shekara 14 yana aiki a injin fasa dutse ba tare da takunkumi ba, kuma ya ce tun bara yake haki in ya hau gangare.

Da na duba shi, zafin jiki 37.9, bugun zuciya 104, numfashi 24 a minti, iskar jini kashi 93 a zaune. Ido ya yi fari. Akwai ƙarar ruwa a saman huhun dama. Ban ji kaluluwa a wuya ko hammata ba.

Gwajin majina na GeneXpert sau biyu, 22 ga Afrilu da 6 ga Mayu, duka "MTB not detected", wato ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Majinar farko yawu ce kawai, ban ba ta nauyi ba. Ta biyu ta asuba ce mai kauri, sai dai kafin ita ya sayi siprofuloksasin a kemis ya sha kwana biyar, wanda zai iya jinkirta gano tarin fuka. Gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba. Sukarin azumi 5.4, ƙarfin jini kashi 29. Hoton ƙirji ya nuna ƙananan ɗigo-ɗigo a saman huhu biyu da abin da ya yi kama da kogo a dama.

Na ba shi amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana na mako guda, babu sauƙi. Ban fara maganin tarin fuka ba.

Ina neman shawararka: a fara magani bisa alamomi da hoto, ko a jira shukar majina? Ƙurar dutse tana lalata huhu, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, don haka su biyun na iya haɗuwa. Ciwon daji ma ban cire shi ba. In akwai buƙatar hoton siti ko leƙa bututun huhu, a yi masa bayanin kuɗin tun da wuri, domin mai ƙaramin ƙarfi ne.

Yana da mata da yara biyar a ɗaki biyu, autar shekararta uku. Zan duba su ranar Alhamis. Hoton da sakamakon gwaje-gwajen suna hannunsa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Dakta Hadiza
Likitar asibiti