Tsarin Darasi: Auna Kewayen Siffofi (Lissafi, Aji 4)

Tsawon darasi: minti 40. Ɗalibai 46, cikinsu akwai Zainab da Habu da ba sa ji, da Musa da ba ya gani, da Rabi da ke kan keken guragu.

Manufa: kowane ɗalibi ya auna gefunan siffa, ya haɗa su, ya faɗi tsawon kewayenta. Manufar ɗaya ce ga duka 46 ɗin. Ban yarda a ba waɗannan huɗu aiki mai sauƙi don a rabu da su ba. Hanyar da darasin zai bi ya kai gare su ita za a gyara: duk abin da aka faɗa da baki a nuna shi ga ido, a kuma sa shi a hannu.

Kayan aiki: siffofin da aka yanka daga tsohon kwali, wato murabba'i mai santimita 20 kowane gefe, da mai gefe huɗu 30 da 20, da alwatika mai 30, 40 da 50. Sai igiya mai ƙulli a kowace santimita 10, guda ga kowane rukuni. A yi ƙullin da kauri yadda yatsa zai ji shi.

Kafin a shiga aji

A janye benci ɗaya daga layin gefen ƙofa, a bar hanya mai faɗin santimita 90 har gaban allo, da fili kamar santimita 150 inda Rabi za ta juya kekenta. Idan teburinta bai kai yadda gwiwarta za ta shige ba, a ɗora ƙafafunsa a kan bulo, a tabbata bai girgiɗa. Tun da safe a kama hannun Musa a zagaya da shi ya san abin da aka matsar, kada ya yi karo da benci a inda ya saba bi. Zainab da Habu su zauna a gaba, taga a bayansu, don haske ya faɗo a fuskar malami.

Gabatarwa (minti 8)

Malami ya ɗaga murabba'i, ya bi gefensa da yatsa har ya dawo inda ya fara, Musa na yin haka da nasa kwalin. A rubuta KEWAYE a allo da manyan baƙaƙe, a yi alamarsa da maganar hannu, dukan aji su maimaita. Idan malami bai san alamar ba, ya tambayi Zainab da Habu gabanin darasi, su tsayar da guda.

Nan ne aka fi kuskure. Malami kan yi magana yana rubutu, ya ba aji baya, kuma duk abin da ya faɗa a lokacin ya wuce Zainab da Habu. Rubuta tukuna, juyo, sannan ka yi magana. Haka kuma ba za su kalli hannunka da kwali a lokaci ɗaya ba, sai ka dakata su gama dubawa. Ga Musa kuwa, "wannan" da "can" ba su da amfani. Ka ce "dogon gefen da ke hannunka na dama", ka kuma karanta duk abin da ka sa a allo.

Aikin rukuni (minti 20)

Rukuni takwas, a raba yaran huɗu cikin rukunoni daban, sai dai Zainab da Habu su zauna tare don su tattauna. Ɗaya ya riƙe kwali, ɗaya ya ja igiya, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya rubuta, ana juyawa. Tazarar da ke tsakanin ƙulli da ƙulli ake ƙirgawa, don haka ƙullin farko sifili ne. Musa ya ƙirga da kansa, kada abokinsa ya raɗa masa amsa. Rukunin Rabi su yi aikinsu a kan teburinta, ba a ƙasa ba. In lokacin canza siffa ya yi, malami ya tafa ya kuma ɗaga kyalle.

Gwaji (minti 12)

Kowa ya nemo kewayen siffofin uku: 80, 100 da 120. Musa ya amsa da baki ko ya rubuta da allon Braille da tsinkensa. Zainab da Habu su rubuta ko su nuna da hannu, kuma lissafin za a duba, kada a rage musu maki saboda kuskuren nahawu. Rabi ta fito ta warware na alwatika, don haka a bar mata ƙasan allo babu rubutu.

Aikin gida: kowa ya auna abu ɗaya mai gefe huɗu da igiya. A ba Musa igiyar rukuninsa ya tafi da ita, a rubuta wa Zainab da Habu umarnin a littafinsu.