Ta'aziyya zuwa ga Malam Habibu bisa rasuwar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Habibu, ɗan'uwa, ya haƙuri? Ya Inna da sauran mutanen gida? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa.

A zaman makoki ba a samun sararin magana. Mutum ya durƙusa, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, ya tashi ya ba na bayansa wuri. Shi ya sa na rubuto maka, ka karanta a lokacin da gida ya yi shiru.

Kaf sashenmu na noma babu wanda bai san Baba ba, kuma ba don shi mahaifinka ne kawai ba. Shekarar da aka kawo sabon irin wake mai saurin nuna, manoman ƙauyenku sun ja baya, kowa na jiran ya ga abin da zai faru a gonar wani. Baba ne ya ba da kunya goma a bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani, ya ce in ya yi kyau a gani, in ya lalace ma a gani. Da ya yi kyau bai kai shi kasuwa ba, kwano-kwano ya raba wa maƙwabta su yi iri. Yawancin waken da ake roro a yankinku yanzu daga wannan kunyoyin ya fito. Ilimi mai amfani da sadaka mai gudana suna cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, na ukunsu kuma ɗa nagari mai addu'a. Ina kyautata zaton Allah Ya haɗa wa Baba duka ukun.

Na ji ka ce wa Malam Isa abin da ya fi ci maka rai shi ne ba ka nan lokacin da ya cika, kana can wajen manoman fadama. Malam Habibu, kada ka bar wannan tunanin ya zauna maka. Kai ka riƙa ɗaukarsa a bayan mashin zuwa asibiti tun farkon damina. Kai kake juya shi a shimfiɗa, kake ba shi koko a baki, sannan gari ya waye ka zo aiki idonka jawur ba ka ce wa kowa komai ba. Sa'ar tafiya Allah kaɗai Ya san ta, bai sanar da ɗa ba, bai sanar da likita ba. Baba ya tafi yana sa maka albarka, Inna ce shaida. In kuka ya zo maka ka yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne faɗin abin da Allah ba Ya so.

Maganar ofis ka cire ta daga ranka. An sa hannu a takardar hutunka. Rahoton wata ni zan haɗa, littafinka na gonakin gwaji yana hannuna kuma rubutunka a bayyane yake. Taron ƙungiyar masu noman rani Malam Isa zai je a madadinka. Duk manomin da ya kira ka kan taki ko feshi, ka turo shi wajena.

Abin da ba zai jira a gama makoki ba shi ne gonar Baba, don kaka ba ta san an yi rasuwa ba. Mun zagaya ta jiya tare da ƙaninka Auwalu. Riɗin gonar gabas ya nuna, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba. In aka ƙara masa mako ɗaya a tsaye, kwanson zai tsage ya zubar da ƙwayar a ƙasa, kuma abin da ya zube ba ya tsintuwa. Mu shida za mu zo ranar Asabar da sassafe mu yanke, mu ɗaure, mu jingina shi tsaye a kan tamfol. Bayan kwana 10 zuwa 14, in ya bushe, mu dawo mu kakkaɓe. Kada a dafa mana komai, da guzurinmu za mu zo.

Waken da aka riga aka roro na gan shi jibge a zaure, kuma shi ya fi damuna. Da sauran danshi a jikinsa. A sa yara su baza shi a rana a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, har sai ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza. In aka ɗaure shi da danshi zai yi fumfuna, in aka bar shi a buhun banza kuma ƙwaro zai huda shi cikin 'yan watanni. Na ba Auwalu buhuna 4 masu ninki uku. A duba ledojin ciki guda biyu kada a samu huji ko na allura, a matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan a ɗaure buhun waje. A ɗora su a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera da gara. Ba ya buƙatar kowane magani. Ina roƙonka kada a bar kowa ya zuba masa maganin feshi, abincin marayu ne.

Dillalai za su zo, sun san gidan rasuwa na buƙatar kuɗi, kuma a kaka farashi a ƙasa yake. Kada a sayar da ko tiya ɗaya yanzu, ko a gida ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Amfanin nan ya shiga dukiyar magada. A auna komai a gaban shaidu biyu a rubuta: dami nawa na gero, buhu nawa na wake da riɗi. A fara da bashi. A yi shela a masallaci, duk mai bin Baba ko wanda Baba ke bi ya zo ya faɗa, har bashin taki da na 'yan ƙwadago. Sai wasiyya in ya bari, sannan rabo. Zakkar noman damina ɗaya cikin goma ce in amfanin ya kai nisabi. Ka zauna da Liman ya duba yadda za a fitar da ita kafin a raba.

Abokan aiki sun haɗa naira 85,000 da buhun shinkafa, suna wajen Auwalu. Ba bashi ba ne, kuma ba ma son a yi mana godiya a kai. A rage hidimar baƙi da su.

Sai Inna. Wata huɗu da kwana goma na takaba suna da tsawo, kuma nauyinsu yana farawa ne bayan an watse, lokacin da tabarmin ƙofar gida suka koma ɗaki. A samu wadda za ta riƙa kwana tare da ita. A kula da cin abincinta da maganinta na hawan jini, don masu takaba kan yi sakaci da kansu. Ranar ganin likita ta je da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta, takaba ba ta hana wannan ba. Maman Aisha za ta zo ranar Juma'a da yamma ta yi mata gaisuwa, ta ɗan zauna da ita.

Kai ma ka riƙa cin abinci, ka samu barci ko kaɗan ne. Yanzu kai ne babba a gidan, ƙannenka fuskarka suke kallo. In dare ya yi maka tsawo ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne.

Allah Ya sa Aljannar Firdausi ce makomar Baba, Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya haɗa kanku, Ya ba Inna haƙuri da lafiya. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ka gaishe min da Inna, da Auwalu, da Maman Khalifa da yara. Sai mun zo ranar Asabar, in sha Allahu.

Naka abokin aiki kuma ɗan'uwa,
Garba