Tsarin Addu'ar Dare: Kwafin Masu Jagora, Masu Karatu da Mawaƙa

Daren Juma'a ta ƙarshe a watan Nuwamba, daga ƙarfe 10:00 na dare zuwa 5:00 na asuba. Jigo: zama a faɗake, Markus 14:38.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, wannan kwafin naku ne. Na jama'a shafi ɗaya ne, lokaci da ayoyi kawai. A nan na rubuta dalilin da ya sa kowane abu yake inda yake, domin kada wani ya ga gurbi ya cusa abin da ba a shirya ba. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya gama nasa, ya miƙa wa na gaba ba tare da surutu a tsakani ba. Ba sai an ce "yanzu kuma za mu gayyaci wane" ba. Mai karatu ya riga ya tsaya kusa da makirufo tun ana baitin ƙarshe na waƙa, Littafi a buɗe, yatsa a kan ayar.

10:00. Buɗewa. Dattijo Bitrus zai yi dukan sanarwa a nan, har da ta hanyar fita da ɗakin da aka shimfiɗa wa yara tabarma. Bayan wannan babu sanarwa sai lokacin hutu. Daga nan ya karanta Zabura 134. Ayoyi uku ce kacal, kira ce ga bayin Ubangiji masu hidima da dare a Haikalinsa, don haka babu abin da ya fi ta dacewa da buɗe baki. Sai ya yi addu'a:

"Ya Uba, kai ne ba ka gyangyaɗi, ba ka barci. Mun kawo maka wannan dare da gajiyarmu da damuwarmu. Ka riƙe idanunmu, ka buɗe kunnuwanmu, ka sa mu kai asuba muna tare da kai. A cikin sunan Yesu. Amin."

10:15. Waƙoƙin yabo guda huɗu, waɗanda kowa ya iya da ka. Malam Ishaku, sabuwar waƙar nan da kuke koyo ku ajiye ta sai wani lokaci. Har yanzu mutane na shigowa, wanda ya tarar da waƙar da ya sani kuwa nan take yake shiga sahu. A fara da masu zafi biyu, ta uku ta sassauta, ta huɗu kuma murya zalla, ba ganga ba kibod.

10:45. Zabura 51:1-12, 'yar'uwa Saratu. Shiru na minti biyu. Waƙar tuba guda ɗaya, a zaune.

11:10. Gatsemani, Markus 14:32-42. Nan ne zuciyar rabin farko, ina so mu ba shi haƙƙinsa. Mama Rahila za ta karanta shi kashi uku, yadda Ubangiji ya dawo wurin almajiran har sau uku. Aya 32 zuwa 38, ta tsaya, shiru na minti biyu. Aya 39 da 40, ta tsaya, minti biyu. Aya 41 da 42, ta rufe Littafi ta zauna. Mama, don Allah kada ki ƙara bayani ko kalma ɗaya, ayoyin sun isa.

Sai dogon shiru na minti goma, wanda ya fi kowane tsawo a daren. Na sa shi kafin sha biyu da gangan, tun jiki bai yi laushi ba. Idan muka kai shi ƙarfe uku, rabin ɗakin barci zai yi, kuma ba laifinsu ba ne, laifin tsari ne. Kafin a shiga, mai jagora ya faɗi wannan, ya yi shiru:

"Za mu zauna shiru minti goma. Ba a manta da komai ba, ba kuma jiran wani muke yi ba. Ka riƙe tambayar da Yesu ya yi wa Bitrus, ko bai iya tsaro na sa'a ɗaya ba, ka bar ta ta yi maka magana. Idan hankalinka ya tafi, ka dawo da shi a hankali. Waƙa ce za ta fito da mu."

Wannan gajeren bayani yana da muhimmanci ƙwarai. Shirun da ba a faɗi tsawonsa ba yakan sa mutane ɗaga kai suna leƙen gaba, suna zaton wani ya ɓata layi. A minti na uku za a ji tari, kujera za ta yi ƙara, wataƙila jariri ya yi kuka. Mai jagora, kada wannan ya tsorata ka har ka katse. Ka duba agogo, kada ka bi yadda kake ji, domin wanda ke tsaye a gaba minti biyu yakan zame masa kamar goma. A rage fitilu, amma kada a kashe duka. Mai kibod ya ɗauke hannu gaba ɗaya, domin in ana kiɗa a ƙasa ƙasa, kunne kiɗan yake bi.

11:40. Murya ɗaya ta ɗauko waƙa a hankali, jama'a su shiga a baiti na biyu. Kada a fito daga shiru da "Ku yabi Ubangiji!" da ƙarfi a makirufo, mutum yakan firgita, abin da ya tara ya watse. Daga nan addu'a ta bibbiyu har sha biyu saura kaɗan.

12:00. Ayyukan Manzanni 16:16-34, ɗan'uwa Yakubu. Aya 25 ta ce wajen tsakar dare ne Bulus da Sila suke addu'a suna waƙar yabo a kurkukun Filibi, sauran 'yan sarƙa na saurare. Shi ya sa nake so karatun ya faɗo daidai kan sha biyu. A nan ba shiru bayan karatu. Labarin da kansa waƙa yake nema: da zarar ya kai aya 34, mai ganga ya shiga, a kunna fitilu duka, kowa ya miƙe. Yabo har ƙarfe 12:40, da tafi da rawa. Mawaƙa ku jera waƙoƙin da za su bi juna ba tare da an tsaya neman murya ba, ku kuma gwada mahaɗarsu a ranar Alhamis, domin a mahaɗa ake yin tuntuɓe. Biyun ƙarshe su sauko. Ba a tsalle daga rawa a faɗa cikin nutsuwa, kamar mai sukuwa ne, sai an ja linzami sannu sannu.

12:40. Wa'azi, Fasto, minti ashirin da biyar. Baba, mun roƙe ka da girmamawa a tsaya a nan. Ayyukan Manzanni 20:9 ta ba mu labarin saurayin nan Aftikus da barci ya kwashe a bakin taga sa'ad da jawabi ya yi tsawo, har ya faɗo daga bene na uku. Jikin mutum bai sāke ba. Bayan wa'azi shiru na minti uku, ba waƙa tukuna, a bar maganar ta zauna.

1:10. Addu'ar roƙo. Batutuwa biyar: marasa lafiya, masu makoki, iyalai, shugabanni, da waɗanda ake tsananta wa saboda bangaskiyarsu. Kowane batu minti takwas, tsakanin batu da batu amshi ɗaya gajere, iri ɗaya kowane karo, don jama'a su san an juya shafi ba tare da an faɗa ba. Ga amshin da mawaƙanmu suka sa wa murya:

"Ka ji mu, ya Uba, ka ji mu,
Dare bai ɓoye mu gare ka ba."

2:00. Hutu na minti ashirin. A buɗe tagogi, a sha ruwa, a taka. Masu komawa gida da yara su tafi yanzu. A dawo da waƙa, ba da kira a makirufo ba: mawaƙa su fara 2:20 daidai ko da mutum goma ne a zaune.

2:30. 1 Sama'ila 3:1-10, da muryoyi huɗu daga cikin matasa: mai ba da labari, Sama'ila, Eli, da muryar da ke kira. Sauya murya yana farkar da kunne. Shiru na minti biyu, sai shaida guda uku, minti huɗu huɗu. An riga an zaɓi masu bayarwa, kuma sun san lokacinsu. Ba za a buɗe fili ga kowa ba a wannan sa'a, domin shaida ɗaya mai tsawo tana iya cinye sauran daren.

3:00. Daga nan zuwa huɗu da rabi ne wuri mafi wuya. A tsakanin nan zafin jiki yake sauka, barci ya fi nauyi, ko mai himma sai ya ji kansa na rinjaya. Saboda haka babu abin da zai wuce minti goma a zaune. Karatu shi ne Matiyu 14:22-33, a tsaye. Romawa sun raba dare kashi huɗu na tsaro, na huɗun daga ƙarfe uku ne zuwa shida, a cikinsa ne kuma Yesu ya zo wurin almajiran yana tafiya a kan ruwa, bayan sun kwana suna fama da iska. Mai jagora ya faɗi wannan a jimla biyu kafin karatu, mutane su san sa'ar da suke ciki ita ce ta labarin. Shiru minti ɗaya tak, a tsaye, ido a buɗe.

Sai waƙoƙi masu amshi, wanda mai bayarwa zai jefa jama'a su karɓa. Bayan su a rabu rukuni rukuni, mutum biyar biyar, kowa ya faɗi iskar da yake fama da ita, na damansa ya yi masa addu'a da suna. Tsofaffi da marasa ƙarfi su zauna abinsu, rukunin ya zo inda suke. Wanda barci ya ɗauke, a ƙyale shi, kada a nuna shi ko a kira sunansa.

4:10. Zabura 130, ana karɓa-karɓa, maza aya ɗaya mata aya ɗaya. Aya 6 ta maimaita maganar matsara masu jiran wayewar gari, wannan kuwa kowa da kowa ya karanta tare. Nan take 'yar'uwa Saratu ta ɗora da Makoki 3:22-26, ba waƙa a tsakani, domin ɗaya kuka ne daga zurfi, ɗayan kuma amsarsa. Shiru na minti uku. An kusa gida, mutane za su iya.

4:30. Markus 16:1-7, matan da suka yi sammako zuwa kabari. Mun fara da Markus a gonar Gatsemani, bai kamata mu sallami jama'a a can ba. Waƙoƙin tashin Almasihu guda uku, da dukan kayan kiɗa.

4:50. Addu'ar Ubangiji tare, sai Fasto ya sa albarka daga Littafin Ƙidaya 6:24-26. Bayan albarka ba jawabin godiya, ba ƙarin waƙa.

Idan lokaci ya ƙwace mana, 'yar'uwa Hannatu mai riƙe da agogo za ta ɗaga farar takarda daga kujerar gaba. A rage waƙa ɗaya daga yabon sha biyu, ko shaida ɗaya. Kada a taɓa karatu, kada a gutsure shiru. Masu karatu duka mu haɗu ranar Alhamis ƙarfe 5:00 na yamma tare da mawaƙa, kowa ya karanta nasa da babbar murya sau ɗaya, mu kuma gwada shiga da fita daga shirun Gatsemani. Masu tuƙi da suka kwana ba barci su ɗan kishingiɗa a ɗakin baya har gari ya waye sosai kafin su kama hanya.