Jagorar Harshen Bankinmu: Yadda Muke Magana da Abokan Hulɗa

Wannan jagora ta shafi duk ma'aikacin da ke magana ko rubutu da sunan banki, tun daga jami'in rance da ke zagaya Kantin Kwari da kasuwar Dawanau har zuwa mai tsara saƙon waya da tallan rediyo. Manufarta ita ce abin da abokin hulɗa ya fahimta daga bakinmu ya zama daidai da abin da zai tarar a ranar biya, kuma ya bar wurinmu da mutuncinsa kamar yadda ya shigo.

Yawancin masu zuwa wurinmu sun saba da adashe, inda ake sanin zubi da ranar kwasa ba tare da wata takarda ba, saboda haka harshenmu ya kasance mai sauƙi irin na wannan mu'amala. Muna kiran mutum da lakabinsa, wato Malam, Malama, Alhaji ko Hajiya, muna kuma amfani da "ku" ko da mutum ɗaya ne, musamman idan ya girme mu.

Kalmomin da muke amfani da su

Muna cewa "rance" ga kuɗin da za a mayar, "ajiya" ga kuɗin da mutum ya ba mu amana, "jari" ga abin da yake juyawa a sana'arsa, "wa'adi" ga lokacin biya, "jingina" ga kadarar da aka ajiye, sannan "mai tsaya wa" ga wanda ya ɗauki nauyin biya idan mai rance ya gaza. Wanda ya zo wurinmu kuwa "abokin hulɗa" ne ko "mai sana'a".

Batun kuɗin ruwa shi ne ya fi buƙatar hattara, domin ya shafi imanin mutane. Idan rance yana ɗauke da ruwa, sai a ce "kuɗin ruwa" a fili, kada a lulluɓe shi da "ɗan abin hidima" ko "lada". Kalmar "murabaha" ana faɗin ta ne kawai inda banki ya sayi kaya da kansa, ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka amince da ita tun farko. Sanya sunan Musulunci a kan rance mai ruwa yaudara ce, kuma ba za mu lamunce ta daga kowane ma'aikaci ba.

Kalmomin da muke gujewa

Ba ma kiran rance "tallafi" ko "agaji", saboda mai jin haka zai ɗauka kyauta ce irin ta gwamnati, ya ci kuɗin da zuciya ɗaya, daga baya a shiga rigima. Haka nan ba ma cewa "talaka", "marasa galihu" ko "mai taurin bashi". Matar da take sayar da ƙosai tana ciyar da gida ba ta zo neman tausayi ba, ciniki ta zo yi. A bar "nan take" da "ba sharaɗi", tunda kowane rance yana buƙatar BVN da bincike.

Misalai

A talla, maimakon "Ku zo ku karɓi tallafin kuɗi nan take", sai a rubuta: "Masu sana'a, muna ba da rancen ƙara jari. Ku zo reshenmu a bayyana muku sharuɗɗa kafin ku sa hannu."

A bayanin rance, a faɗi jimillar kuɗi a naira, domin lissafin kashi cikin ɗari ba ya zama a kan kowa: "Hajiya, za ku karɓi ₦100,000, ku mayar da ₦120,000 cikin wata 6, wato ₦20,000 kowane wata. Daga cikin ₦120,000 ɗin, ₦20,000 kuɗin ruwa ne, kuma babu wani caji bayan wannan."

Idan biya ya yi jinkiri, an hana rubuta "Ka biya bashinka ko mu tona maka asiri", an kuma hana aika saƙo ga dangi ko maƙwabta. A rubuta: "Salamu alaikum, Malam. Wa'adin biyan ₦20,000 ya cika ranar Litinin. Idan kasuwa ta yi nauyi, ku zo mu zauna mu duba yadda za a tsara biyan."

Ga mai fargabar ajiya, a gaya masa cewa muna aiki da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma hukumar NDIC tana inshorar ajiya a ƙananan bankuna irin namu har ₦2,000,000 ga kowane mai ajiya, bisa ƙarin da ta yi a 2024. Duk saƙon waya da ya shafi asusu ya ƙare da wannan jimla: "Ba za mu taɓa tambayar ku PIN ɗinku ba."