Neman Tallafin Karatun Digiri na Biyu a Fannin Lafiyar Al'umma

Zuwa ga kwamitin bayar da tallafin karatu,

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na wani babban asibitin gwamnati. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma tallafinku nake nema domin kuɗin makaranta da na bincike.

Ƙyanda ce ta sa ni neman wannan karatu. Duk lokacin da ta ɓarke, gadajenmu cika suke yi. Yaro zai zo jiki rau da zafi, idanu jajur, yana numfashi sama-sama saboda ciwon ya sauka a huhu. Mu ba shi bitamin A, mu sa masa oksijin, mu kwana a kansa. Idan na karɓi katin rigakafinsa daga hannun uwar, sau da yawa sai in ga an yi allurar wata tara, gurbin ta biyu kuwa fayau. Wasu ma ko katin babu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in na duba rajistar ɗakin, unguwannin da suka kawo mana yara bara su ne dai suka sake kawowa bana.

Allurar ƙyanda tana nan tun 1963. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai kashi 95 cikin 100 na yara sun samu allura biyu kafin a tare yaɗuwarta. To, ina aka tsaya? Uwa ce ba a gaya mata ranar dawowa ba? Ko firjin ƙaramin asibiti ne ya kasa riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 da allurar ke buƙata? Ko kuwa an ƙi buɗe kwalba ne don yaran da suka zo ba su da yawa, aka ce ta dawo wani mako? Duk na ji waɗannan daga bakin iyaye mata. Amma ji daban, hujja daban, kuma da hujja ake sauya tsarin aiki.

Horon jinya ya koya mini kula da mara lafiya ɗaya. Yanzu ina son ilimin bin diddigin cututtuka da na ƙididdiga, yadda zan mai da rajistarmu bayanin da masu tsara rigakafi za su yi aiki da shi. Bincikena zai tsaya kan yaran da suka karɓi allurar farko ba su dawo ta biyu ba.

Albashina ba zai ɗauki nauyin karatun ba, ga iyali a wuyana. Asibitinmu ya amince ya ba ni hutun karatu, da sharaɗin in dawo bakin aiki. In Allah ya yarda, da na kammala zan koma sashen rigakafi, in horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan bibiyar yaran da suka tsallake allura.

Na gode da duba wannan buƙata tawa.