Kafin Ka Cire Manhajar Walat Daga Wayarka

Wannan bayani na abokan cinikinmu ne masu kawo waya shagonmu a kasuwar Farm Centre domin sayarwa, musaya ko gyara, alhali akwai walat na kuɗin kirifto a cikinta, irin Trust Wallet ko MetaMask.

Kuɗinka ba a cikin wayar suke ba, suna rubuce ne a kundin bulokcen, manhajar kuwa mabuɗi kawai take riƙe maka. Saboda haka cire ta ba ya taɓa ko sisi, muddin kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da aka ba ka ranar buɗe walat suna hannunka daidai. Lambar da kake buɗe manhajar da ita kullum ba za ta maye gurbinsu ba, kuma kamfanin da ya yi manhajar ba ya ajiye su, balle ya aiko maka.

Sai dai rubuta kalmomin a takarda bai wadatar ba, sai an gwada su, kuma a nan ne muka fi ganin mutane suna yin sakaci. An ɗebo su ne daga jerin kalmomin Ingilishi 2048, wasu sun yi kama da juna, kuma kuskuren harafi ɗaya ko sauya wa kalma gurbi ya isa ya hana walat buɗewa, ko ya buɗe wani dabam wanda babu komai a ciki. Don haka tun tsohuwar manhajar tana aiki, ka sauke irinta a wata wayar taka daga Play Store ko App Store, ka zaɓi dawo da tsohon walat maimakon ƙirƙirar sabo, ka shigar da kalmomin bi da bi, sannan ka kwatanta adireshin karɓar kuɗi a wayoyin biyu. Idan adireshin ya zo ɗaya amma ba ka ga USDT ɗinka ba, kada hankalinka ya tashi. Yawanci ƙara shi za ka yi da hannu a kan hanyar da aka turo shi, TRC20 ko BEP20.

Ka kuma duba ko walat nawa ne a cikin manhajar, domin kowanne yana iya kasancewa da nasa kalmomin. A MetaMask, asusun da aka shigo da shi ta Private Key ba ya dawowa da kalmomin, sai ka adana mabuɗinsa dabam.

Idan komai ya yi daidai, sai ka cire manhajar, ka goge duk hoton kalmomin da ke cikin wayar ko WhatsApp, wanda tun farko bai kamata a ɗauka ba. Idan sayar da wayar za ka yi, ka yi mata Factory reset da hannunka. Babu yaron shagonmu da aka yarje wa ya tambaye ka kalmomin ko ya ga takardar, don haka ka bar ta a gida.