Wasiƙa kan gyaran zanen gidan Lokogoma

Kubwa, Abuja
Talata, 7 ga Oktoba, 2025

Ranka ya daɗe Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara.

Na saurari saƙon muryar da ka turo jiya kan gyaran da kake so: a mayar da matakalar bene daga tsakiyar gida zuwa gefen gabas, a cire ginshiƙin da ke tsakanin falo da wurin cin abinci, sannan a fitar wa Mama ɗaki da banɗaki a ƙasa don a hutar da ita hawa da sauka. Gyaran zai yiwu, kuma a ganina ɗakin Mama ya ƙara wa gidan daraja. Sai dai zai taɓa kuɗin aikin da kuma ranar da zan miƙa shi, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka dalla-dalla kafin in sa hannu a kansa.

Yarjejeniyarmu ta ba ka damar gyara sau biyu kyauta kafin a tsayar da tsarin gidan. Mun yi su, ka kuma amince da tsarin a ranar 15 ga Satumba. A kan wannan amincewar na zana sauran takardun, injiniya kuma ya gama lissafinsa. Yanzu muna da shafi 22, saura bugawa kawai.

Na san a ido abin kamar jan layi ne a kwamfuta, kuma gaskiya ne matsar da bango a AutoCAD ba ya ɗaukar lokaci. Aikin yana cikin abin da ke biyo baya. Ginshiƙin nan shi ke ɗauke da bim ɗin da dakin, wato kankaren da ya raba ƙasa da bene, ya kwanta a kai. Idan aka cire shi, tazarar da bim zai haye za ta tashi daga mita 4 zuwa kusan mita 7, dole ya ƙara kauri, rodinsa ya ƙaru, nauyin kuma ya koma kan ginshiƙan gefe, daga nan ya sauka kan tushe. Wannan ba abin da zan yi da ka ba ne, lissafin injiniya ne, kuma ba zai buga hatiminsa a kan takardar da bai sake bi ba. Matakala kuma idan ta tashi, ramin da aka bar mata a dakin zai rufe, a buɗe wani, barandar sama ta sauya, tagogin gabas ma haka. Banɗakin Mama na buƙatar bututunsa har zuwa sokawe, ɗakin kuma wayarin da soket. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, shafi 15 ne gyaran ya shafa. Kamar tela ne da ya riga ya yanka yadi, sai aka ce a sauya ɗinkin.

Abin da ya fi damuna shi ne kada takardun su saɓa wa juna. Idan zanen gini ya nuna matakala a gabas, na ƙarfe kuma ya bar ta a tsakiya, ko dai ma'aikatan sashen Development Control, masu ba da izinin gini, su dawo mana da fayil, ko kuma, wanda ya fi muni, kafinta da mai ɗaurin rodi su bi tsohon shafi a wurin aiki. Don haka kowane shafi sai na daidaita shi da ɗan'uwansa, in sa masa lambar gyara da kwanan wata.

Ga yadda lissafin ya kama. Mun yi ciniki a kan ₦450,000. Gyaran zai ƙara ₦140,000: ₦90,000 ladan sake zane, ₦50,000 na injiniya. Jimla ₦590,000 ke nan. Kuɗin bugawa a takardar A1 bai sauya ba, tunda ba a buga komai ba tukuna. Ranar miƙawa za ta tashi daga Juma'a 10 ga Oktoba zuwa Juma'a 24 ga Oktoba, domin sai na gama sabon tsari injiniya zai fara, sai ya gama kuma zan zana ƙarfe.

Na san burinka a fara haƙa tushe da zarar damina ta ɗauke. Idan lokacin ne ya matse, akwai hanya mai sauƙi: a bar ginshiƙin da matakalar yadda suke, a mayar da ɗakin karatu na ƙasa ya zama na Mama, a haɗa masa banɗaki. Wannan ba zai taɓa lissafin ƙarfe ba, ₦40,000 ne, kuma zan miƙa ranar 15 ga Oktoba. Amma in har zuciyarka na kan babban falon, ina ba ka shawara a yi shi yanzu a takarda, domin bayan an zuba dakin ba a cire ginshiƙi sai da fasa gini da haɗari.

Don Allah ku tattauna da Hajiya, in da wani gyaran a haɗa shi a wannan karon. Ina jiran amsarka a rubuce zuwa Alhamis, ko ta WhatsApp ce, tare da rabin ƙarin kuɗin. Idan amsar ta wuce Alhamis, ranar miƙawa ma za ta matsa daidai da jinkirin.

Allah ya sa albarka a ginin, ya ba da ikon kammalawa.

Naka,
Kabiru
Mai zanen CAD